Me ya sa ruwa kaɗan ke raba fetur gida biyu? Fashin baƙi kan ƙaurar sinadarai

A watan Fabrairun 2022 hukumar da ke kula da tacewa da rarraba man fetur ta sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da metanol, wani nau'in alkohol, fiye da ka'ida, kamfanin mai na ƙasa kuma ya ce jirage huɗu ne suka kawo shi daga Antwerp ta Beljiyam. Layin mai ya yi tsawo a Legas, motoci suka riƙa mutuwa a hanya. Har yau, duk lokacin da ruwan sama ya mamaye titi a watan Yuni ko Yuli, janareta ya fara tari bayan an sayo mai, gardamar sai ta dawo a wajen direbobin tanka na Apapa da masu gyaran janareta na Agege. Wasu su ce mai gidan man ne ya zuba ruwa. Wasu su ce ai ruwa da fetur ba sa haɗuwa, don haka laifin metanol ne shi kaɗai.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce: ta yaya man da ya fito daga defo garau, kala ɗaya, zai wayi gari ya rabu gida biyu a cikin tanki, kuma me ya sa abin da ya kwanta a ƙasa ya ninka ruwan da ya shiga sau da yawa?

Hamsin da hamsin da ba su cika ɗari ba

A fara da abin da ido zai gani. A auna ruwa mililita 50 da itanol tsantsa, wani alkohol ɗan'uwan metanol, mililita 50, a haɗa su a kwalbar awo mai zane, a girgiza, a bari ɗumin da ya tashi ya huce. Layin zai tsaya a wajen 96, ba zai kai 100 ba. Babu abin da ya zube, kuma idan aka ɗora a sikeli nauyin yana nan giram 89.4 kamar yadda aka zuba.

Masana kimiyya suna ƙirga ƙwayoyin sinadari da ma'aunin da ake kira mol, kamar yadda ɗan kasuwa ke ƙirga da dozin, sai dai mol adadi ne mai girman gaske. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, kuma idan yana cikin 'yan'uwansa yana cin fili mililita 18. Mol ɗaya na itanol giram 46 ne, yana cin mililita 58.4. A cikin kwalbarmu akwai ruwa mol 2.77 da itanol mol 0.856. To amma da suka cakuɗu, ƙwayoyin ruwa ƙanana sun riƙe na itanol sun matsu a tsakaninsu, sai kowane mol na ruwa ya koma cin mililita 17.5, na itanol kuma 56.0. A ninka a tara:

```
V = (2.77 × 17.5) + (0.856 × 56.0) = 48.5 + 47.9 = 96.4 mL
```

Waɗannan lambobi biyu, 17.5 da 56.0, su ake kira rabon mol na girma. Ma'anarsa ita ce: idan ka ƙara mol ɗaya na wani sinadari a cikin cakuɗe mai yawan gaske, zafi da matsi da adadin sauran sinadaran suna nan yadda suke, da nawa girman cakuɗen zai ƙaru? Amsar tana canzawa gwargwadon maƙwabtan da sinadarin ya tarar. Mol ɗaya na ruwa da aka zuba a cikin duro cike da itanol tsantsa mililita 14 kacal yake ƙarawa. Gilbert Lewis, masani ɗan Amurka, shi ya tsara wannan hanyar lissafi a 1907.

Abin da za a riƙe a nan shi ne, sinadari ba ya shiga cakuɗe da halinsa na gida yadda yake. Halin da zai nuna ya danganta da waɗanda ke kewaye da shi. Kuma wannan bai tsaya ga girma ba.

Miyu: rabon mol na makamashin Gibbs

Akwai wani ma'auni da ake kira makamashin Gibbs, ana rubuta shi G, da sunan Josiah Willard Gibbs na jami'ar Yale, wanda ya wallafa aikinsa kan daidaiton sinadarai tsakanin 1875 da 1878. Ƙa'idarsa gajera ce: muddin zafi da matsi ba sa canzawa, duk abin da zai faru da kansa, ba tare da an tura shi ba, to abu ne da ke rage G. Idan G ya kai ƙasan da ba zai iya wucewa ba, canji ya tsaya.

Yanzu a yi wa G irin tambayar da aka yi wa girma. Idan na ƙara mol ɗaya na itanol a cikin wannan cakuɗe, da nawa G zai ƙaru? Amsar ita ce abin da ake kira kemikal fotanshal a ajin kimiyya, ana rubuta shi da harafin Girka μ, a furta shi miyu.

```
μ_i = (∂G/∂n_i) T, P, n_j
```

A nan n_i adadin mol ne na sinadarin da ake ƙarawa, su kuwa T zafi, P matsi da n_j adadin sauran sinadaran suna nan yadda suke. Ana iya ɗaukar miyu a matsayin ma'aunin ƙosawar sinadari da wurin da yake zaune. Inda miyunsa ke sama, a takure yake, yana neman mafita. Inda yake ƙasa, ya sami wurin zama.

A ɗauki sassa biyu da ke taɓa juna, A da B. Abin da ake nufi da sashe shi ne yanki mai hali iri ɗaya ko'ina a cikinsa, mai iyaka da na kusa da shi, kamar fetur a sama da ruwa a ƙasa, ko ruwa da iskar da ke kansa. Idan ɗan ƙaramin adadi dn ya bar A ya shiga B, sashen A ya yi asarar μ(A) sau dn, sashen B ya sami μ(B) sau dn. Jimilla:

```
dG = [μ(B) − μ(A)] dn
```

Idan μ(A) ya fi μ(B), abin da ke cikin baka ya zama ƙasa da sifili, G ya ragu, don haka ƙaura za ta faru. To amma yayin da sinadarin ke barin A yana raguwa a can, miyunsa na sauka, yana kuma taruwa a B, miyunsa na hawa. Tazarar tana ta tsukewa har su haɗu. A nan dG ya zama sifili, babu sauran riba a tafiya ko dawowa. Ƙwayoyin ba su daina tsallake iyakar ba, sai dai masu zuwa da masu dawowa sun yi daidai. Kuma wannan sharaɗi na kowane sinadari ne daban: miyun ruwa a sama ya yi daidai da miyun ruwa a ƙasa, na itanol ma haka. Ba a kwatanta miyun ruwa da na itanol.

Ba a auna miyu kai tsaye da wata na'ura. Ana bi ta wani adadi da ake kira kuzari, a rubuta shi a, wanda yake 1 ga sinadari tsantsa, ya kuma ragu idan an cakuɗa shi:

```
μ = μ° + RT ln a
```

μ° shi ne miyun sinadarin idan yana tsantsa, R kuma 8.314 J/(mol·K) ne. A zafin digiri 30 na Legas, wato 303 K, RT ya kama kilojul 2.52 a kowane mol. Hanya mafi sauƙi ta sanin kuzari ita ce a auna matsin tururin sinadarin a saman cakuɗe, a raba shi da matsin tururinsa idan yana tsantsa.

Gishirin da ke jiƙewa a Legas

Duk wanda ya taso a Kano ya dawo Legas da zama ya san gishiri a buɗaɗɗen kwano yana jiƙewa a nan da damina, har ya yi ruwa a gindi, alhali a gida lokacin hunturu sai ya yi watanni a bushe. Lissafin miyu ya bayyana wannan ƙarara, domin kuzarin ruwa a iska shi ne laimar da ake faɗa a rahoton yanayi. Laima kashi 80 cikin ɗari tana nufin a = 0.80. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri har ba ya iya narkar da ƙari kuwa kuzarinsa 0.75 ne.

A ranar da laimar Legas take kashi 80, miyun ruwa a iska yana ƙasa da na ruwa tsantsa da kilojul 0.56, na ruwan gishiri kuma yana ƙasa da 0.72. Na iska ya fi tsayi da 0.16, saboda haka ruwa ya bar iska ya sauka kan gishiri. Ba zai tsaya ba sai gishirin ya narke duka, ruwan ya tsinke har kuzarinsa ya hau 0.80. Da za a bar kilo ɗaya na gishiri a irin wannan iska ba iyaka, zai jawo ruwa sama da lita uku. A hunturun Kano, ranar da laima ta sauka zuwa kashi 15, miyun ruwa a iska yana ƙasa da kusan kilojul 4.8, sai tafiyar ta juya, jiƙaƙƙen gishiri ya bushe. Gishirin ɗaya ne a garuruwan biyu. Iyakar tana kan kashi 75.

Kuskuren da ya fi yawa: "daga mai yawa zuwa maras yawa"

A makaranta ana koyar da cewa abu yana tafiya daga inda yake da yawa zuwa inda yake kaɗan. Wannan gaskiya ce a cikin sashe ɗaya, kamar sukari a kofin shayi. Tsakanin sassa biyu mabambanta kuwa yakan ɓatar da mutum, kuma fetur shi ne babban misali.

Zan yi amfani da lambobin itanol domin fetur mai kashi 10 na itanol, wanda ake kira E10, shi aka fi aunawa a duniya. Metanol hanya ɗaya yake bi, ya ma fi saurin rabuwa da fetur. A cikin E10, kusan ƙwaya ɗaya cikin biyar itanol ce, wato kason mol 0.2. Ƙwayar itanol tana da wani kai na oksijin da haidirojin da ke son riƙe irinsa. Ƙwayoyin fetur ba su da abin da zai riƙa, don haka a takure yake. Idan aka auna a cikin heftan, ɗaya daga sinadaran da ke cikin fetur, kuzarin itanol a kason 0.2 yana kusa da 0.77. A cikin ruwa, a wannan kason dai na 0.2, kuzarinsa kimanin 0.45 ne, domin ruwa yana riƙe shi da kyau.

```
Δμ = 2.52 × ln(0.45 / 0.77) ≈ −1.35 kJ/mol
```

Yawansa ɗaya a sassan biyu, amma miyunsa a ruwa ya fi ƙasa da kilojul 1.35. Saboda haka itanol zai ci gaba da barin fetur yana shiga ruwa ko da ya riga ya fi yawa a cikin ruwan. Yana hawa tudu ta fuskar yawa, yana gangara ta fuskar miyu, kuma miyu ne ke yanke hukunci.

Akwai shaidar wannan takura da masu harkar mai suka sani. Itanol tsantsa bai kai fetur saurin tashi ba ko kusa, amma idan aka zuba kashi 10 a fetur matsin tururin man yana ƙaruwa da kusan kilofaskal 7. Da a ce yawa ne kaɗai ke aiki, da raguwa zai yi.

Yadda rabuwar ke faruwa a tanki

Fetur zalla yana narkar da ruwa kaɗan ƙwarai, wajen kashi 0.01 zuwa 0.02 cikin ɗari. Abin da ya wuce haka sai ya kwanta a gindin tanki a matsayin ruwa kawai, a zuƙe shi a huta. Da zarar akwai alkohol a ciki lissafin ya canza, domin alkohol yana sauke miyun ruwa a cikin man, sai man ya riƙa shanye ruwa ba tare da ido ya gani ba. E10 yana ɗaukar kusan kashi 0.5 a zafin digiri 15. A tankin mota mai lita 50 wannan mililita 250 ne, rabin ledar fiyawata. A tanka mai lita 33,000 kuwa lita 165 ne.

Muddin ba a kai wannan iyaka ba, man yana nan garau kuma injin yana ƙona shi lafiya. Ana wuce ta sai man ya yi hazo, ɗigo-ɗigon sabon sashe su bayyana, su yi ƙasa saboda sun fi fetur nauyi. Da sabon sashen ya samu, alkohol ya sami inda miyunsa ya fi sauƙi, sai ya fara ƙaura. Yana fita kuma man da ke sama yana rasa abin da ke riƙe masa ruwa, sai ƙarin ruwa ya biyo. Shi ya sa abin da ya kwanta yake ninka ruwan da ya shiga, kuma mafi yawansa alkohol ne.

Zafi yana da hannu. Mai ɗumi ya fi mai sanyi riƙe ruwa. Man da aka loda a Apapa da rana yana dab da iyakarsa zai iya isa Jos cikin sanyin hunturu ya rabu, ba tare da ɗigon ruwa ɗaya ya ƙaru a hanya ba. Wannan batu ne da ya kamata mai sauke kaya ya sani kafin ya ɗora wa direba laifi.

Illar biyu ce. Famfon gidan mai daga kusa da gindin tanki yake zuƙa, bakin bututun man mota da na janareta ma a ƙasa yake, don haka shimfiɗar ƙasan ce ke fara isa injin. Ba ta kamawa da wuta yadda ya kamata, tana sa tsatsa a tanki da kafireto, metanol kuma yana cin roba da wasu ƙarafa irin su alminiyam. Man da ya rage a sama shi ma ya rasa alkohol ɗin da ke ɗaga masa okten, wato ma'aunin juriyar mai ga ƙwanƙwasar inji, yakan sauka da maki biyu zuwa uku, sai injin ya riƙa ƙwanƙwasa idan an taka.

Gwajin kwalba, da dalilin da lissafinsa ba ya cika

Ana iya amfani da wannan ƙaura a gano ko akwai alkohol a mai. A samo kwalbar awo ta gilashi mai mililita 100 da murfi, a yi aikin a fili, nesa da wuta da janareta mai aiki. A zuba ruwa zuwa layin 10, a cika da fetur zuwa 100. A toshe, a girgiza kamar minti ɗaya, a sassauta murfin tururi ya fita, a ajiye minti goma. Idan babu alkohol, iyakar da ke tsakanin sassan biyu tana nan a kan 10.

Idan E10 ne, mililita 90 na man suna ɗauke da itanol mililita 9, don haka mutum zai sa ran layin ya kai 19. A zahiri yakan tsaya tsakanin 17 da 18, kuma giɓin yana da dalilai biyu da muka riga muka gani. Na farko shi ne matsewa: ruwa da itanol da suka haɗu a ƙasa kowa ya rage filin da yake ci, wajen mililita 0.6 ya tafi a nan. Na biyu shi ne, ƙaura ba ta kwashe itanol duka. Yana taruwa a ruwa kuzarinsa na hawa zuwa wajen 0.4, yana raguwa a fetur kuzarinsa na sauka, kuma a fetur ɗan kaɗan ya isa ya ba da 0.4 ɗin. Inda suka haɗu nan tafiya ta tsaya, da kusan mililita ɗaya a sama. Saboda haka wanda ya cire 10 daga abin da ya karanta zai sami adadin da ya gaza na gaskiya.

Maganin shi ne a ƙara ruwa. Idan aka zuba ruwa 50 da fetur 50, itanol ɗin ya tsinke sosai a ƙasa, kuzarinsa ya yi ƙasa, abin da zai rage a fetur bai taka kara ya karya ba. Sai dai layin zai motsa da abin da bai kai mililita 5 ba, don haka sai an karanta da kyau, ido a daidai layin. Gwajin kuma ba ya bambance metanol da itanol. Wannan aikin ɗakin gwaji ne.

Wa ke da gaskiya, kuma me za a yi da man

Masu cewa metanol kansa ne matsala suna da hujja idan ya yi yawa. Fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 a kowane kilo, metanol kuma kusan 6.5, don haka injin da aka saita don fetur zai sami iska fiye da kima. Amma metanol kaɗan halattaccen haɗi ne a wasu wurare, ƙa'idar fetur ta Turai ta yarda da shi har kashi 3. Masu cewa ruwa ne su ma suna da hujja, sai dai ba dole wani ya zuba shi da gangan ba. Tankin ƙasa mai murfin da ba ya rufuwa ruf a unguwar da ambaliya ke kwanciya, ko tsohon ruwan da ya daɗe a gindin tanki ba ya cutar da kowa lokacin da man ba shi da alkohol, ya isa. A ganina wannan na biyun shi ne aka fi mantawa da shi: tankin da ya yi shekaru lafiya da fetur zalla zai iya ɓata lodin farko na mai mai alkohol a ranar da aka sauke shi.

Tsinka man da sabon fetur yana aiki idan bai riga ya rabu ba kuma babu ruwa kwance, domin yana sauke kason alkohol zuwa abin da injin zai ɗauka. Idan ya riga ya rabu, zuba fetur zalla a kai ba ya dawo da shimfiɗar ƙasa, domin miyun alkohol a can har yanzu ya fi sauƙi, fetur zallan kuma ba ya shan ruwa. Girgizawa ma ba ta yi. Tana farfasa shi ne ya yi hazo, ya sake kwanciya, domin girgiza tana hanzarta isa ga daidaito ne, ba ta canza inda daidaiton yake. Dole a zuƙe na ƙasan, a busar da tanki, a canza matatar mai, sannan a auna okten na wanda ya rage kafin a sayar.

Mai gidan mai ya lura cewa man shafawar da ake sawa a sandar awo don gano ruwa, irin na da, ba lallai ya canza kala a shimfiɗar da mafi yawanta alkohol ce ba. Akwai wanda aka yi musamman don mai mai alkohol, shi ya kamata a nema. Mai janareta kuwa ya tsiyayi kaɗan daga kusoshin gindin kafireto a kwalbar gilashi mai tsabta, ya ajiye minti goma a inuwa. Idan ya ga hazo, man yana bakin iyaka. Idan ya ga layi a tsakani, a juye man tankin duka a jarka kafin a sake jan igiya.